Inda layukan kuɗin samarwa suke haɗuwa

A ilimin tattalin arziki, gajeren zango shi ne lokacin da mai sana'a ba zai iya sauya wasu kayan aikinsa ba. Mai gidan burodi da ke biyan hayar tanda da shago naira 6,000 kullum dole ya biya, ko ya gasa ko bai gasa ba. Kuɗin fulawa, itace da ma'aikata kuwa suna bin yawan aiki.

A ce gashi ɗaya ya ci masa jimillar 10,000, biyu 13,000, uku 18,000, huɗu 26,000. Matsakaicin kuɗin kowane gashi zai zama 10,000, 6,500, 6,000, sannan 6,500. Ya sauka saboda haya tana rabuwa, ya sake hawa saboda tanda ɗaya ce, ma'aikata sun fara jiran juna.

Abin lura shi ne kuɗin ƙari, wato abin da gashi na gaba ya ƙara. Na uku ya ƙara 5,000, ƙasa da matsakaicin 6,500, sai ya ja shi ƙasa. Na huɗu ya ƙara 8,000, sama da 6,000, sai ya ɗaga shi. Haka makin ɗalibi yake: sabuwar jarrabawar da ta gaza matsakaicinsa tana rage shi, wadda ta zarce tana ƙara shi.

Saboda haka matsakaici ba ya daina sauka sai kuɗin ƙari ya kamo shi. A zane, layin ƙari yana ratsa layin matsakaici daga ƙasa, daidai gindin kwarinsa.