Firinta ɗaya, kwamfuta huɗu: yadda ake raba ta a ofis

A ƙananan ofisoshi da yawa firinta ɗaya ce, jone da kwamfutar sakatare ta wayar USB. Duk mai son buga takarda sai ya kwafa a filash ya je ya tsaya a kanta, aikinta ya tsaya, filashin kuma ya yi ta yawo da bairos daga tebur zuwa tebur. Wayar USB kwamfuta ɗaya take ɗauka, tsawonta ma ba ya wuce mita 5 ba tare da matsala ba. Maganin shi ne a samu mai tsaron ƙofa da zai karɓi aikin kowa ta netwok ya miƙa wa firintar. Ko dai kwamfuta ta yi wannan aiki, ko wani ɗan akwati da ake kira firint saba.

A ce ofis ne mai kwamfuta huɗu, duka suna kan rawuta ɗaya, duka Windows 11. A kwamfutar sakatare, a fara tabbatar da cewa netwok ɗin yana kan Private, domin in yana kan Public, Windows zai ɓoye kwamfutar daga sauran. Sannan a kunna File and printer sharing. Daga nan a shiga Printers & scanners, a zaɓi firintar, a buɗe Printer properties, a ƙarƙashin Sharing a danna Share this printer, a ba ta gajeren suna marar tazara, kamar HP1. A sauran ukun kuwa, a danna Add device, sai Add manually, a zaɓi Select a shared printer by name, a rubuta sunan kwamfutar sakatare da na firintar:

```
\\SAKATARE\HP1
```

Windows zai janyo direban firintar daga can. Idan ya nemi suna da kalmar sirri, na kwamfutar sakatare yake nufi. Mutane da yawa a nan suke saka nasu, ya ƙi, su ce abin ba ya aiki.

Wannan hanya ba ta cin ko kwabo, amma duk ofishin ya rataya ne a kan kwamfuta ɗaya. In sakatare ta kashe ta ta tafi, ko kwamfutar ta yi barci da kanta, takardun kowa sai su taru a layi, firintar ta nuna Offline alhali lafiyarta ƙalau. Saboda haka a hana wannan kwamfuta yin barci a saitin wuta. Haka kuma firinta mai sikana, bugun kawai ake rabawa ta wannan hanya, sikanar tana nan wurin sakatare.

Firint saba, irin TP-Link TL-PS110U, yana raba ofis da wannan dogaro. Bai fi girman sabulu ba: gefe ɗaya wayar firinta, ɗaya gefen wayar rawuta. Ana ba shi adireshin IP, misali 192.168.1.50, kowace kwamfuta a saka mata direban firintar, a nuna mata wannan adireshi ta Standard TCP/IP Port. Daga nan ba wanda ke jiran wani.

Adireshin nan ya cancanci kulawa, musamman a wurarenmu da wuta ke yawan ɗaukewa. Rawuta ce ke raba adireshi, kuma in ta mutu ta tashi tana iya ba akwatin sabo, kwamfutoci kuwa su ci gaba da aikawa tsohon. Alamarsa a fili take: jiya an buga, yau bayan an tada janareta kowa ya kasa. A gwada da wannan umarni:

```
ping 192.168.1.50
```

In babu amsa, kuma wayoyi suna jone, adireshin ya sauya. Tun ranar farko a kafa wa akwatin adireshi na dindindin, a rubuta shi a takarda a manna a jikin firintar.

Sai dai ba kowace firinta ce ke yarda da akwatin ba, kuma a nan ne ake asarar kuɗi. Ƙananan firintoci masu araha da yawa sun dogara ne da kwamfuta ta shirya musu shafi kafin su buga. HP LaserJet 1020, wadda ta cika ofisoshinmu saboda ƙarkonta, har manhajar da take aiki da ita kwamfuta ce ke loda mata duk lokacin da aka kunna ta. Akwatin da bai san wannan ba zai karɓi aiki, fitilarsa ta yi ƙyaftawa, takarda ba ta fito ba. Masu ƙera akwatunan suna fitar da jerin firintocin da ke aiki da kowanne. Kafin ka biya, duba lambar firintarka a jerin. In ba ta ciki, ka riƙe kuɗinka ka raba ta ta kwamfutar da ta fi daɗewa a kunne a ofis.