Daɓe da rufi a jadawalin farashin kirifto

Akwai wurin da farashi ke faɗowa masu saye su tare shi, wato daɓe. Akwai kuma inda yake hawa masu sayarwa su danne shi, wato rufi. Kuskuren da ke cinye kuɗin sababbin shiga shi ne jan siririn layi ɗaya, alhali kasuwa ba ta juyawa a kan lamba guda.

Buɗe jadawalin kyandir na kwana-kwana ko na mako. Nemi inda farashi ya juya aƙalla sau biyu, ka zana akwati a kwance daga inda jikin kyandirori ya tsaya zuwa ƙarshen jelarsu.

Dubi Bitcoin a 2021. A Janairu, Mayu, Yuni da Yuli ya sauko wajen dala 29,000 zuwa 30,000, kowane karo aka tare shi, har ya kai kusan 69,000 a Nuwamba. Abin da ya nuna ƙarfin wannan daɓe shi ne tazarar lokaci tsakanin taɓawar, da yawan ciniki, da nisan tashin da ya biyo baya. Amma ni ina tsoron wurin da ake yawan komawa kusa-kusa tashin yana raguwa, domin masu saye na ƙarewa ne.

Jela ta leƙa ƙasa ba karyewa ba ce. Jira kyandir ya rufe a can. A Yunin 2022 hakan ta faru, farashi ya gangara ƙasa da 20,000. Da ya dawo a 2023, yankin 30,000 ɗin ya zama rufi, ya hana shi wucewa sai a Oktoba.