Kusurwar da ke ɓuya a ɗaya gefen da'ira

A jarrabawar lissafi ta WAEC da NECO akwai wani zane da yake yawan tayar wa ɗalibai hankali: da'ira ce da alwatika a cikinta, sai wani miƙaƙƙen layi da ya shafe ta ta waje. A ba da kusurwa ɗaya ko biyu, a ce a nemo saura. Ka'idar da ke warware shi tsohuwa ce ƙwarai. Uƙlidis, masanin da ya koyar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da ita a kashi na uku na littafinsa na ilimin zane, a mas'ala ta 32.

Layuka biyu ne tushen zancen. Na farko shi ne tanjent, layin da ke taɓa da'ira a ɗigo guda tak ba tare da ya ratsa cikinta ba, kamar yadda kwalta ke taɓa tayar keke. Na biyu shi ne kod, layin da ya haɗa ɗigo biyu na bakin da'ira ta ciki. Idan kod ya taso daga daidai inda tanjent ya taɓa, kusurwar da ke tsakaninsu daidai take da kusurwar da ke fuskantar kod ɗin daga ɗaya ɓangaren da'irar.

Ga misali. Tanjent PQ ya taɓa da'ira a T. An ja kod daga T zuwa A, kusurwar ATQ kuma digiri 64 ce. A can ɗaya ɓangaren akwai ɗigon B a bakin da'ira, an haɗa shi da T da kuma A. Ka'ida ta ce kusurwar TBA ita ma 64 ce.

Dalilin hakan ya fi haddar daɗi, kuma shi ne ke ceton ɗalibi ranar da hadda ta kuɓuce masa. A ja layi daga cibiyar da'ira, O, zuwa T. Wannan layin kullum a tsaye yake cak kan tanjent, wato digiri 90. Idan aka cire 64, kusurwar OTA ta zama 26. Tun da OT da OA tsawonsu ɗaya, kusurwar OAT ma 26 ce, abin da ya rage wa kusurwar cibiya, TOA, shi ne 128. To, kusurwar da ke bakin da'ira rabin ta cibiya ce in dai kod ɗaya suke fuskanta daga gefe guda, rabin 128 kuwa 64 ne. Ko'ina aka matsar da B a kan wannan babban lanƙwasa, amsar ba ta canzawa.

Masu tsara tambaya ba su cika tsayawa nan ba. A ce sun ƙara da cewa kusurwar TAB digiri 47 ce. TB ma kod ne da ya taso daga T, saboda haka kusurwar PTB ita ma 47 ce. Kusurwoyin alwatika 180 ne a haɗe, don haka ATB ta zama 69. Akwai hanyar dubawa nan take: 64 da 69 da 47 suna jere kan miƙaƙƙen layin PQ, dole su ba da 180, kuma sun bayar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓen kusurwar. Ido yakan faɗa kan TAB domin ita ce ta fi kusa, alhali A ƙarshen kod ɗin ne. Kusurwar da ake nema ba ta zama a T ko a A. Tana ɗigo na uku, kuma ba a ɓangaren da ke matse tsakanin kod da tanjent ba. Idan aka sa ɗigon C a wannan ƙaramin ɓangaren, kusurwar TCA digiri 116 ce, domin ita abokiyar ATP ce, wato 47 da 69 a haɗe. Wanda ya rubuta 64 a nan ya yi asarar maki.

Ka'idar tana da iyaka. Ba ta aiki idan layin ya ratsa da'ira a wuri biyu, ko kuma kod bai taso daga ɗigon taɓawa ba. Auna zanen da ma'aunin kusurwa ma ɓata lokaci ne, tun da sau da yawa ba a zana shi bisa ma'auni. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya zana wannan misalin da hannunsa, ya mai da 64 ta zama 50, ya bi matakan cibiya ɗaya bayan ɗaya: zai sami 40, sannan 100, sannan ya dawo kan 50.