Tylenol ya ƙare, me zan saya a kemis? Yadda ake gano makwafin maganin waje

Yau kan kwalin magani za mu tsaya.

Duk wanda ya san Shahuci ya san kemis-kemis ɗin da ke kusa da Asibitin Murtala ba sa rabuwa da mai shigowa riƙe da kwali wayam yana cewa "irin wannan nake so." Wani yayansa ne ya aiko masa daga Amurka, wata daga Umara ta taho da shi. Mai kemis ya duba ya ce babu, mutum ya shiga zagaye har Sabon Gari, alhali maganin na nan kan kanta a shagon farko, da wani suna daban.

Kusan kowane magani suna biyu ne da shi. Akwai wanda kamfani ya raɗa masa don kasuwa, shi ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Akwai kuma sunan sinadarin da ke aikin a jiki, galibi da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban sunan. A kwalin Amurka za ka gan shi a baya, inda aka rubuta Active ingredient. A namu kuwa nemi layin da ya fara da Each tablet contains. Ƙaramin sunan nan shi ake bi.

Mu ɗauki Tylenol. Ka juya kwalin, za ka ga acetaminophen. Ka zo nan ka duba Panadol ko na Emzor, ka ga paracetamol, sai ka ce ai ba ɗaya ba ne. Ɗaya ne wallahi. Amurkawa da 'yan Kanada acetaminophen suke ce masa, mu da Ingila da yawancin duniya farasitamol muke cewa. Fevadol da Adol ɗin da alhazai ke tahowa da su daga Saudiyya, su ma shi ne. Ba wani sirri a ciki, kwalin ne dai ya sha jirgi. Masu asma ma su riƙe wannan: abin da Amurka ke kira albuterol shi ne salbutamol ɗin da ke cikin Ventolin.

To amma gano sunan rabin aiki ne. Saura ƙarfi, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna, musamman a maganin ruwa na yara.

A ce yaro mai nauyin kilo 16, likita ya ce a ba shi miligiram 240 a kowane sha. Children's Tylenol na Amurka yana da miligiram 160 a cikin kowane mil 5, don haka uwar ta saba auna mil 7.5. Kwalbar ta ƙare, ta sayi ta nan gida, wadda galibi za ka ga an rubuta 120mg/5ml ko 125mg/5ml. Idan ta ci gaba da mil 7.5 ɗin da ta saba, a mai 120 miligiram 180 kacal yaron ya samu. Zazzaɓi ya ƙi sauka yadda ta saba gani, sai ka ji an ce "na Najeriya ba ya aiki." Yana aiki Hajiya, mil 10 ya kamata ki auna. Yanzu juya lissafin. A ce wata 'yar'uwa ce ta kawo Calpol SixPlus daga Ingila, wanda ke da miligiram 250 a mil 5. Mil 7.5 ɗin nan dai ya zama miligiram 375, ya zarce abin da likita ya rubuta da fiye da rabi. Sinadari ɗaya, awo ɗaya, amma abu uku daban ya shiga cikin yaron. Shi ya sa nake cewa ku riƙe miligiram ɗin da likita ya faɗa, adadin mil kuwa kowace sabuwar kwalba a sake lissafa shi, a kuma auna da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da maganin. Cokalin shayi kowane gida da girman nasa.

Sai 'yar kalmar da ake liƙawa bayan suna. Panadol Extra farasitamol ne miligiram 500 haɗe da sinadarin kafin miligiram 65, wato abin nan na cikin kofi da goro mai hana barci. Tylenol PM kuma an haɗa masa diphenhydramine, mai sa barci. Ka ga wanda ya ce "ai duk farasitamol ne" ya musanya ɗaya da ɗaya, ko dai ya kwana ido biyu ko ya hau babur yana gyangyaɗi. Haka Augmentin 625, da ya yi tsada bayan kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya: amoxicillin ne miligiram 500 da clavulanic acid miligiram 125. Makwafinsa dole ya zo da biyun. In aka miƙo maka amoxicillin zalla aka ce ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ninkawa ba da sani ba. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 4,000 na farasitamol a awa 24 ba, ƙwaya takwas ke nan masu 500, kuma mai ciwon hanta ko maras nauyin jiki iyakarsa ba ta kai haka ba. Mura ta kama mutum, ya sha Tylenol na tsaraba, ya ƙara da Panadol, ya bi da Procold ko Mixagrip, waɗanda su ma da farasitamol a cikinsu. A ganinsa magani uku ya sha, hantarsa kuwa abu ɗaya take ta karɓa. Mugun abin, ranar farko mutum na iya jin garau ko ɗan tashin zuciya kawai. Ciwon gefen dama na ciki da shawara sai bayan kwana ɗaya zuwa uku suke bayyana. Wanda ya gano ya zarce ya tafi asibiti a ranar, da kwalayen a hannu, kar ya jira alama.

Kar kuma a yarda da babban suna ko da an same shi sak. Benadryl na Amurka diphenhydramine ne, amma ƙwayar Benadryl ta Ingila acrivastine ce ko cetirizine.

Idan sinadari da ƙarfi sun dace, duba ko akwai SR ko XR a jikin sunan. Waɗannan a hankali suke narkewa, kamar Glucophage XR na masu ciwon suga, kuma ba a musanya su da na yau da kullum ƙwaya da ƙwaya, ba a kuma daka su. Sannan nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Hukumar na da shafi, greenbook.nafdac.gov.ng, inda za ka rubuta sunan sinadarin ka ga kayan da ta yi wa rajista.

Akwai inda wannan dabarar ke tsayawa. Maganin farfaɗiya, insulin, maganin tsinka jini irin warfarin, da levothyroxine na masu matsalar maƙoƙo, ɗan bambanci kaɗan a cikinsu na iya taɓa mutum, don haka sai da sanin likitan da ke duba shi ake sauya kamfani. Ga sauran kuwa, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya kafin a jefar, ka nuna wa ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ka ce ya nuna maka layin sinadarin a kwalin da zai ba ka, ku karanta biyun tare kafin ka biya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.