Rabon Kyauta: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Jawo Masu Saye, Ba Mafarautan Garaɓasa Ba

A shekarar 1992, kamfanin Hoover mai ƙera injin shara ya yi wa mutanen Birtaniya tayi mai daɗin ji: duk wanda ya sayi kayansa na fam 100 zuwa sama, zai samu tikitin jirgi biyu, zuwa da dawowa. Da farko ƙasashen Turai ake zuwa, daga baya aka haɗa da Amurka. Kuɗin tikitin Amurka kuwa ya ninka na injin sau da yawa. Nan da nan jama'a suka yi wa shaguna tsinke, suna ɗaukar inji mafi arha don tikitin kawai, sannan su sayar da shi a kasuwar gwanjo bai ko fita daga kwali ba. Kamfanin ya tafka asarar kusan fam miliyan 50, manyan jami'ansa suka rasa aiki, kuma a 1995 aka sayar da reshensa na Turai ga kamfanin Candy na Italiya.

Kuskuren Hoover shi ne kyautar ta fi hajar daraja a idon jama'a, don haka masu son hawa jirgi ta tara. Irinsa ake maimaitawa kullum a Instagram da TikTok da WhatsApp, inda mai sayar da atamfa ko mai kayan ƙamshi za ta sa waya ko katin kira a gasa. Waya kowa na so: ɗalibi, ɗan acaɓa, yaron da ya ari wayar yayarsa. A cikinsu ƙalilan ne suke da niyyar sayen turmin atamfa a bana.

A ɗauki misali da mai sayar da humra da turaren wuta a Kano, a yi mata lissafi. Ta sayi wayar naira 150,000, ta ce a bi shafinta, a ambaci sunayen mutum uku. A ce mabiya 3,000 sun ƙaru cikin mako guda. Bayan an fitar da wanda ya ci, mutum biyar ne suka yi ciniki da ita. Kowane sabon mai saye ya tsaya mata a kan naira 30,000 ke nan, alhali ribarta a kwalba ba ta wuce 4,000 ba. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani nan take. Waɗannan manhajoji suna lura da yadda mabiya ke karɓar abin da aka wallafa kafin su ƙara yaɗa shi. Idan shafi ya cika da mutanen da ba ruwansu da turare, sai su riƙa wuce hotunanta ba ko kallo, manhajar kuma ta rage nuna su, har ga tsofaffin abokan cinikinta.

To, a ce ta sake shiri. Kyautar yanzu akwatin kayan ƙamshin amarya ne daga hajarta, wanda ya ci mata naira 40,000 wajen haɗawa, ko da yake farashinsa a shago ya fi haka. Tun a nan an tace jama'a, domin wanda ba shi da biki a gaba, ba shi kuma da sha'awar ƙamshi, ba zai wahalar da kansa ba. Sharaɗin shiga shi ne a turo mata saƙo ta WhatsApp a amsa tambayoyi biyu: wane ƙamshi aka fi so, na sandal ko na hawi, kuma don amfanin gida ake nema ko don biki? Mafaraucin kyauta yana shiga gasa goma a yini, ba shi da haƙurin zama ya rubuta amsa. Mai son turare kuwa da murna za ta amsa, har ta ƙara da bayanin da ba a tambaye ta ba.

Wataƙila mutum 200 ne kacal za su shiga, adadin da ba ya burge ido. Amma kowace a cikinsu ta bar lambarta, ta faɗi abin da take so, wasu har da watan bikinsu. A nan ne ainihin ribar gasar take, wato a wajen mutum 199 da ba su ci ba, kuma nan ne yawancin 'yan kasuwa suke sakaci. A ranar da aka sanar da sakamako, sai ta aika wa kowace da saƙo da sunanta: "Hajiya, ba ki dace ba a wannan karon, amma na ware miki ragin kashi goma cikin ɗari a kan turaren sandal ɗin da kika ce kina so, zuwa ranar Juma'a." Wa'adin yana da amfani, domin ragin da ba shi da ranar ƙarewa ba ya sa kowa gaggawa. Idan mutum 25 suka saya, ribar kowane ciniki bayan ragi ta kama naira 3,000, ta samu 75,000. A cire kuɗin akwati, saura 35,000, ga kuma sunayen mutanen da za ta sake tuntuɓa idan sallah ta matso, muddin ta nemi izininsu tun farko.

Lokaci ma yana tace mutane. Gasar kayan amarya ta fi armashi a watannin da bukukuwa ke yawa, kamar gab da azumi da bayan sallah, kuma kwana biyar zuwa bakwai sun isa.

Gane mafarauta ba wuya. Shafinsu ba hoton kansu, ba komai sai tallan gasar wasu, sunayen da suke ambata kullum su ne dai guda ukun nan, sau da yawa ma nasu ne na bogi. Bayan an raba kyauta, sai adadin mabiya ya fara zubewa. Saboda haka ma'aunin da ya dace a duba shi ne yawan waɗanda suka saya cikin wata guda bayan gasar, da waɗanda suka dawo karo na biyu. Dokokin Facebook ma sun hana a sa ambaton abokai ko yaɗawa a shafin mutum ya zama sharaɗin shiga, Instagram kuma yana buƙatar a bayyana cewa ba shi da hannu a gasar.

Wasu za su ce hanya mafi sauƙi ita ce a ce sai wanda ya saya zai shiga ƙuri'a. Tana aiki, amma tana buƙatar hattara. Sayar da tikitin shiga caca ce ƙarara a wajen malamai. A kan sharaɗin sayen kaya kuwa, malamai da dama sun halatta ne idan ba a ƙara farashi saboda gasar ba, kuma mai sayen yana buƙatar kayan da gaske. Ta fuskar hukuma, a Najeriya hukumar FCCPC tana sa ido a kan garaɓasar kamfanoni, kuma a 2012 hukumar NCC ta taɓa dakatar da irin waɗannan gasanni na kamfanonin waya. Mai shirya babbar gasa sai ya nemi izini tukuna. Wanda yake son kauce wa shubuha kuwa, yana iya komawa ga gyara irin ta kasuwa: duk wanda ya sayi kwalba uku, a ƙara masa ƙarama, ba tare da ƙuri'a ba.

Ranar fitar da wanda ya ci, a yi shi kai tsaye a bidiyo, a nuna sunayen duka kafin a zaɓa, a kuma cire 'yan uwa da ma'aikata tun a cikin sharuɗɗa, domin zargin "ƙanwarta ta ba wa" yana saurin yawo. A kuma gargaɗi mahalarta tun ranar farko cewa ba za a nemi kowa ya biya kuɗin aike ko ya turo lambar sirrin banki ba, saboda 'yan damfara sukan buɗe shafi mai kama da na mai gasar, su bi waɗanda suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna ce musu su ne suka yi nasara.