Gurbin da aka bari wayam: yadda takardar rajista ke tona asirin kanta da launi

Tun daga jarrabawar shekarar 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga duk mai son yin rajista. Wannan ya sa makarantun sakandare da yawa ke tattara lambobin ɗaliban ajin ƙarshe tun da wuri, don a gano waɗanda ba su da ita a tura su ofishin NIMC kafin lokaci ya ƙure. Aikin yakan faɗa kan magatakardan makaranta ko malamin kwamfuta, kuma a Excel ko Google Sheets ake yin sa. Shigar da suna da lamba ba wuya. Wuyar tana wajen gano wanda aka tsallake, domin gurbin da ba a cike ba ba ya ihu, kuma idon da ya bi layi ɗari biyu yakan gaji ya wuce shi.

A ɗauki misalin takarda mai ɗalibai 240. Layin farko na kanun bayanai ne. Kwalam A lambar jeri, B suna, C aji, D lambar NIN, E lambar wayar iyaye. Ɗaliban sun cika daga layi na 2 zuwa na 241, amma magatakarda ya tanadi wuri har layi na 500 saboda masu zuwa daga baya. Abin da yake so shi ne duk ɗalibin da aka rubuta sunansa ba a rubuta NIN ɗinsa ba, gurbinsa na kwalam D ya rine da kansa, kuma launin ya gushe da zarar an cike.

Mutane da yawa da hannu suke yi: su bi layi-layi, su shafa wa gurbi ruwan ɗorawa da bokitin fenti. Matsalar ita ce fentin hannu ba ya sanin an cike gurbin. Bayan mako guda za a tarar da gurabe masu launi da lamba a ciki, da wasu sababbi wayam babu launi, har takardar ta koma tana ruɗa mai ita. Abin da ya dace da aikin shi ne Conditional Formatting, wanda ke cikin Excel tun fitowar Excel 97. Ana ba shi tambaya ɗaya, ya yi wa kowane gurbi ita. Inda amsar ta zama TRUE ya sa launi, inda ta zama FALSE ya ƙyale, kuma yana sake tambayar duk lokacin da aka taɓa takardar.

Matakan ba su da yawa. A zaɓi gurabe daga D2 zuwa D500, a fara daga D2. A Excel sai a shiga Home, a danna Conditional Formatting, a zaɓi New Rule, sannan Use a formula to determine which cells to format. A rubuta fomular a akwatin da ya bayyana, a danna Format, a shiga Fill a zaɓi launi. A Google Sheets kuwa hanyar ita ce Format, sai Conditional formatting, sai a zaɓi Custom formula is. Duk hikimar aikin tana cikin abin da aka rubuta a wannan akwati.

Fomular da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce wannan:

```
=ISBLANK($D2)
```

Tana aiki, amma da aibi biyu. Na farko a bayyane yake: tunda an zaɓi har layi na 500, gurabe 259 da ke ƙasa da ɗalibi na ƙarshe duk za su rine, alhali babu kowa a cikinsu. Idan ɗalibai 17 ne ba su da lamba, sai su ɓace a cikin tekun launi.

Aibi na biyu ya fi haɗari, domin ba a ganinsa. ISBLANK ba ta ce wa gurbi wayam sai idan babu komai a cikinsa ko kaɗan. Akwai masu shigar da bayanai da ke da ɗabi'ar goge kuskure ta hanyar danna dogon maɓallin tazara sannan Enter, maimakon Delete. A ido gurbin fari ne tas, amma a wurin kwamfuta akwai harafi ɗaya a ciki, wato tazarar. Haka ma idan kwalam D fomula ce ke jawo lambobin daga wata takarda, kuma an tsara ta ta mayar da "" idan ba ta samu ba. A duka biyun ISBLANK za ta ce FALSE, gurbin ya zauna babu launi, magatakarda ya ɗauka yaron yana da lamba. Wanda ya yi zargin haka zai iya gwadawa: a wani gurbi na gefe ya rubuta =LEN(D12). Idan ta nuna 1 alhali D12 fari ne, to tazara ce ta ɓuya.

Fomular da ke magance duka biyun ita ce:

```
=AND($B2<>"",LEN(TRIM($D2))=0)
```

Karanta ta daga ciki ake yi. TRIM tana share tazarar da ke gaba da bayan abin da aka rubuta. LEN tana ƙirga haruffan da suka rage. Idan ƙirgar ta zama sifili, to babu abin kirki a gurbin, ko wayam ne na gaske, ko tazara, ko "" na fomula. Ɓangaren farko kuma, $B2<>"", yana tambaya ko akwai suna a wannan layi. AND ba ta yarda sai sharuɗɗan biyu sun cika tare. Saboda haka a layi na 7, inda akwai suna babu lamba, D7 zai rine. A layi na 12, inda aka danna tazara, shi ma zai rine. A layi na 300 babu suna, don haka babu launi, amma ranar da aka rubuta sabon ɗalibi a wurin, gurbinsa na NIN zai rine nan take har sai an cike shi.

Akwai dalilin da ya sa aka jingina sharaɗin da kwalam na suna ba da lambar jeri ba. Magatakarda da yawa sukan ja lambobin jeri tun daga 1 har ƙasa kafin su fara shigar da kowa. Idan aka ce a duba kwalam A, kowane layi zai zama kamar da mutum a ciki, a koma gidan jiya. Suna shi ne shaidar cewa layin na wani ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alamar dala da lambar layi. Ana rubuta fomular ne kamar don gurbin farko kaɗai, manhajar ce ke sauya lambar layin yayin da take gangarawa: a D3 ta duba B3 da D3, a D4 ta duba B4 da D4. Dalar da ke gaban harafi tana kafe kwalam, rashin dala a gaban lamba yana barin layi ya motsa. To idan mutum, maimakon ya rubuta da hannu, ya danna gurbin da linzami, Excel kan sa masa $D$2, dala biyu. Daga nan kowane gurbi D2 kaɗai zai riƙa dubawa. Alamar wannan kuskure a fili take: ko dai duk layukan masu suna su rine baki ɗaya, ko kuma kada ko ɗaya ya rine.

Kuskuren da ya fi wannan wayo shi ne saɓanin layi ɗaya. Idan zaɓin ya fara daga D2 amma aka rubuta $B1 da $D1, kowane gurbi na samansa zai riƙa kallo. D7 ne wayam, amma D8 ne zai rine, da lambarsa cikakkiya a ciki. Sai a kira yaron da ba ruwansa, a bar mai matsalar. Duk wanda ya ga launi a kan gurbin da ke cike, ya leƙa gurbin da ke samansa kafin komai. Gyaran yana cikin Manage Rules: a tabbatar lambar layin da ke cikin fomula ta yi daidai da layin farko na abin da aka rubuta a Applies to. A nan ne kuma ake gano wani ƙaramin abu. Idan aka manta alamar = a farko, Excel yakan ɗauki fomular a matsayin rubutu ya kewaye ta da alamun zance, ba tare da ya yi ƙorafi ba, kuma launi ba zai fito ba sai an cire su.

Masu aiki a Maradi ko Damagaram da Excel na Faransanci za su tarar sunayen sun sauya, kuma maimakon waƙafi ana raba sassan da alamar ; kamar haka:

```
=ET($B2<>"";NBCAR(SUPPRESPACE($D2))=0)
```

Takardar da aka tsara a Kano za ta buɗe a can lafiya lau, domin manhajar ce ke fassara sunayen da kanta. Wajen rubuta sabuwar doka ne kawai bambancin ke tasowa.

Launi yana nuna wuri, amma shugaban makaranta adadi yake tambaya. Ana iya sa wannan a wani gurbi na sama, a wajen kwalam B da D:

```
=SUMPRODUCT(($B$2:$B$500<>"")*(LEN(TRIM($D$2:$D$500))=0))
```

Sharuɗɗan nan biyu ne dai, an ƙirga layukan da suka cika su. Idan ta nuna 17, gurabe 17 ya kamata a gani da launi. Idan aka ƙirga aka samu ƙasa da haka, to dokar launin ta yage a wani wuri. Hakan na faruwa sosai, domin kwafo gurbi daga wata takarda a manna yana zuwa da tsarin can ya danne na nan. Shi ya sa ya fi kyau a riƙa mannawa da Paste Special, a zaɓi Values, don lambar kaɗai ta shigo. Idan kuma ana son jerin sunayen da za a kafa a allo, Filter by Color zai ware masu launin su kaɗai.

Dole a san iyakar abin. Dokar ba ta hana kowa tsallake gurbi, nuni kawai take yi. Ba ta kuma san ma'anar abin da aka rubuta ba: wanda ya sa "babu", ko ɗan jan layi, ko sifili, ya kashe launin, domin a wurin LEN haruffa ne. Tunda NIN lambobi 11 ce, ana iya tsananta sharaɗin a mayar da =0 zuwa <>11, yadda har lambar da aka rubuta guntuwa za ta rine. Sai dai wanda zai yi haka a kwalam na lambar waya ya fara mayar da kwalam ɗin Text kafin a shigar da komai, in ba haka ba Excel zai cinye sifilin farko na 0803, lambobi 11 su koma 10, duk kwalam ɗin ya rine a banza. Bayanan da aka kwafo daga shafin intanet kuma wani lokaci suna ɗauke da wata irin tazara, CHAR(160), wadda TRIM ta Excel ba ta sharewa, sai an musanya ta da SUBSTITUTE tukuna.

Zaɓen launin ma yana da nasa lissafi. Ja mai duhu yana gajiyar da ido, kuma akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai. Ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai haske ya fi dacewa da allo, amma idan injin ofis baƙi da fari yake bugawa, launi mai haske kan ɓace a takarda, don haka a ƙara wa gurbin zagaye daga Border a cikin dokar. Wanda kuma zai aika takardar a matsayin CSV don ɗorawa a wata manhaja, ya gama cike guraben tukuna ya ajiye asalin a xlsx, domin CSV rubutu zalla yake adanawa, dokar da launinta ba sa bin sa.