Rasitan da suka makara: yadda ciniki ke ɓacewa daga rahoto ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba

Kamfanin da ke da shaguna da yawa yakan ajiye bayanansa a wuri biyu. Akwai rumbun aiki, inda kowane ciniki ke faɗawa da zarar na'urar shago ta aiko shi. Akwai kuma rumbun rahoto, inda akanta da manaja ke duba jimillar rana da ta wata. Kowane dare wata manhaja takan kwashi bayanai daga na farko ta zuba a na biyu. Idan rasitai sun kai miliyoyi, kwashe su duka kullum ɓata lokaci ne da kuɗi, don haka sai a ce wa manhajar ta ɗauko sababbi kaɗai. Wannan dabara tana da kyau, amma tana da wata kafa da rasitai ke zurarewa ta cikinta, kuma sau da yawa ba a ganewa sai lissafin ƙarshen wata ya ƙi daidaita.

Don manhajar ta san sabo da tsoho, takan riƙe alamar inda ta tsaya jiya. Masu wannan sana'a suna kiran alamar wotamak. Yawanci lokaci ne: lokacin rasiti mafi sabunta da ta gani. Gobe idan ta dawo, sai ta nemi duk abin da lokacinsa ya wuce alamar. Kamar akawu ne da ke kwafe rasitai cikin babban littafi, ya rubuta a gefe cewa ya tsaya a na ƙarfe tara na daren Litinin, ya kuma ƙudurta cewa duk takardar da ke ɗauke da lokaci kafin wannan ya riga ya kwafe ta. Ranar Talata ɗan aike ya iso daga ƙauye da damin rasitan Litinin da rana, akawu ya dubi lokacin da ke jikinsu, ya ture su gefe.

Mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce wani kamfanin kayan masarufi yana da shaguna goma sha biyu, wasu a birni, wasu a garuruwan da sabis ke yawan ɗaukewa. Teburin cinikinsa, `sales`, yana da lambar rasiti `sale_id`, da lokacin da aka yi cinikin `sold_at`, da lokacin da rasitin ya iso rumbu `received_at`. Manhajar kwasa tana tashi ƙarfe sha biyu na dare da wannan umarni:

```sql
SELECT * FROM sales
WHERE sold_at > :last_watermark;
```

Daren Litinin, 4 ga Maris 2024, ciniki na ƙarshe da ta gani shi ne na wani shagon birni da ƙarfe 9:47 na dare, sai ta ajiye wannan a matsayin alama. Amma a wani shagon ƙauye sabis ya ɗauke tun ƙarfe biyu na rana. Na'urar shagon ta ci gaba da aiki, ta adana rasitai 38 na naira 412,000 a cikinta, ba ta samu damar aika su ba sai Talata da ƙarfe goma na safe. Sun iso rumbun aiki lafiya, kowanne ɗauke da lokacinsa na gaskiya, tsakanin biyu na rana da shida na yammacin Litinin.

Daren Talata manhaja ta nemi abin da ya wuce 9:47 na daren Litinin. Rasitan nan 38 duk sun gaza wannan lokaci, don haka sharaɗin ya tsallake su. Daren Laraba alamar ta ƙara gaba, ta ƙara yi musu nisa. Tunda alama gaba kawai take tafiya, ba ranar da za ta waiwayo ta ɗauke su. Abin da ya fi damuna a nan shi ne babu saƙon kuskure ko ɗaya. Manhajar ta yi daidai abin da aka umarce ta, ta kuma rubuta cewa aiki ya kammala. Wanda zai ji a jikinsa shi ne mai tsaron shagon ƙauye, domin kayansa sun ragu a kanta, rahoto kuma ya nuna bai sayar da su ba. Cikin sauƙi a zargi mutum mai gaskiya da cin amana saboda layi ɗaya na umarni.

Tushen matsalar shi ne kowane bayani yana da lokaci biyu: lokacin da abin ya faru, da lokacin da labarinsa ya iso. Sharaɗin da ke sama ya ɗauka biyun ɗaya ne. A inda sabis ba ya yankewa, tazararsu daƙiƙoƙi ce, shi ya sa kuskuren kan daɗe a ɓoye. A wurarenmu kuwa tazarar kan kai kwanaki. Manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da masu bincike ke ɗauka zuwa karkara, an gina su ne musamman don a cike fom ba tare da intanet ba, a aika daga baya. Ga mai karɓar irin waɗannan bayanai, makara al'ada ce ta kullum.

Binciken yana farawa da ƙidaya. A ƙirga rasitan kowace rana a rumbun aiki, a ƙirga a rumbun rahoto, a jera su gefe da gefe na tsawon wata guda. Kada a tsaya ga jiya kaɗai, domin giɓin yana bayyana ne a ranakun baya, bayan makararru sun iso. A misalinmu, Litinin za ta nuna rasitai 1,240 a rumbun aiki, 1,202 a rumbun rahoto. Daga nan sai a fito da ainihin waɗanda suka ɓata:

```sql
SELECT s.sale_id, s.sold_at, s.received_at
FROM sales s
LEFT JOIN report_sales r ON r.sale_id = s.sale_id
WHERE r.sale_id IS NULL;
```

Siffar abin da ya fito ita ce ke nuna cutar. Idan ɓatattun sun taru a shago ɗaya ko biyu, kuma tsakanin `sold_at` da `received_at` akwai sa'o'i masu yawa, to makara ce, sharaɗin yana duba gurbin da bai dace ba. Idan kuwa kullum rasitan sa'a ɗaya cif ne ke ɓacewa, a duba agogo. Najeriya da Nijar suna gaban lokacin UTC da sa'a ɗaya. In an ɗauki alama daga agogon gida aka rubuta sha biyu na dare, alhali tebur yana ajiye lokaci da UTC inda a sannan sha ɗaya ne, duk abin da ya shigo cikin sa'ar da ke biye za a ɗauke shi tsoho.

Akwai siffa ta uku mai wuyar kamawa: rasiti ɗaya ko biyu da suka ɓata daf da lokacin da manhajar ta tashi. Wani lokaci dalilin shi ne rasitai biyu sun zo da lokaci iri ɗaya, an kwashi ɗaya, na biyun ya shigo bayan an ajiye alama, alamar `>` kuma ta hana shi wucewa tunda bai fi ta ba. Wani lokaci kuma rubutun ne ya jinkirta kammala. A rumbun PostgreSQL, `now()` yana ba da lokacin da aka fara mu'amalar rubutu, amma sauran masu karatu ba sa ganin layin sai an kammala ta. Layi zai iya ɗaukar tambarin 11:59:50, ya bayyana 12:00:20, bayan manhaja ta wuce ta kuma ajiye alamar 11:59:58 daga wani layin da ya riga shi kammala.

Haka nan a duba inda alamar kanta take fitowa. Idan daga `sold_at` mafi girma ake ɗaukar ta, to agogon na'urar shago ne ke juya ta. Na'ura ɗaya da agogonta ya yi tsalle zuwa shekara mai zuwa ta isa ta ja alamar can, daga ranar manhaja ta riƙa dawowa hannu rabbana kowane dare tana cewa babu sabo.

Gyara na farko shi ne a mayar da sharaɗin kan lokacin isowa, wanda rumbu da kansa ke bugawa da agogo ɗaya. Rasitan ƙauyen sun iso Talata da safe, don haka kwasar daren Talata za ta ɗauke su, rahoto kuma ya ajiye su a ranar Litinin bisa `sold_at`. Saboda jinkirin kammala rubutu, yana da kyau a ja baya da 'yan mintuna daga alamar. Inda babu gurbin lokacin isowa, sai gyara na biyu: kowane dare a sake kwaso kwanakin baya.

```sql
WHERE sold_at >= :last_watermark - INTERVAL '3 days'
```

Ja baya yana nufin za a sake ɗauko rasitan da aka riga aka zuba. In an zuba su kai tsaye, ciniki ɗaya zai fito sau biyu ko uku, a koma daga ragi zuwa ƙari. Dole a haɗa shi da zubi mai duba lambar rasiti: in akwai ta a sabunta, in babu a saka. Wannan shi ne aikin `MERGE`, ko `INSERT ... ON CONFLICT` a PostgreSQL, ko `unique_key` ga masu amfani da dbt. Sharaɗinsa shi ne lambar ta zama ba ta maimaituwa a duk kamfanin. Idan kowane shago yana fara ƙirga rasitansa daga ɗaya, sai a haɗa lambar shago da ta rasiti, in ba haka ba rasitin wani zai danne na wani.

Kwana ukun nan ba doka ba ce. A auna tazarar makara a bayanan watannin baya, a ga mafi tsawon da aka saba samu, a zaɓi adadin da ya rufe shi da ɗan rara. Faɗaɗa shi yana ƙara nauyin aiki, ƙuntata shi yana barin kafa. Kuma komai faɗinsa, na'urar da ta lalace ta yi sati biyu wurin mai gyara za ta wuce shi. Shi ya sa ƙidayar nan ta gefe da gefe ya kamata ta zama aikin kowane mako, mai aika gargaɗi idan lambobi suka saɓa.

Gyaran sharaɗi yana kare gaba ne kawai. Rasitan da suka riga suka ɓata sai an koma an kwaso su da gangan, ta hanyar mayar da alama baya zuwa ranar da giɓin ya fara, ko sake gina teburin gaba ɗaya, wanda a dbt ake yi da `--full-refresh`. Bayan haka jimillar ranakun baya za ta canza, kuma wajibi ne a sanar da akanta kafin ya gani da idonsa. Daga nan kamfani ya tsayar da ƙa'ida a rubuce: kwana nawa lissafin rana zai zauna a buɗe yana jiran makararru kafin a rufe shi, kuma kada a tuhumi wani mai shago da giɓi sai wannan wa'adi ya cika an kuma gwada rumbunan biyu.